Yadda ake jera shafuka su fito ɗan littafi mai ninki da fil a tsakiya

Duk lokacin da aka shiga watan saukar karatu a Islamiyyu, ko aka matso taron yaye ɗalibai, tambayar da ake yawan kawo mini a shagona na kwamfuta a Ƙofar Ƙaura ita ce: me ya sa idan aka buga ajandar taro aka ninka, sai a ga shafi na 2 ya koma ƙarshe, ko bayan takarda ya fito kansa a ƙasa? Wasu sai sun lalata rabin rim kafin su zo. Zan bi aikin daki-daki da wani aiki da na yi wa wani malamin Islamiyya daga Daura: ɗan littafin walimar sauka, kwafi 150, a kan takardar A4 da za a ninka biyu ta zama girman A5.

Kalmomi biyu ne nake so mu rabe tun yanzu. Falle shi ne takarda guda da ake sa wa firinta. Shafi shi ne fuska ɗaya da mai karatu ke gani idan ya buɗe littafin. Idan aka ninka falle ɗaya, shafi huɗu yake bayarwa, biyu a gaba, biyu a baya. Duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

1. Ƙirga shafuka, ka kai su abin da huɗu zai raba

Ka ƙirga komai, har da bangon gaba da bangon baya da cikinsu. Adadin dole ya zama 4, 8, 12, 16, 20, haka har gaba. Babu littafi mai ninki a tsakiya da yake da shafi 14.

Na malamin nan shafi 14 ne cif: bango, jawabin shugaban makaranta, tsarin taro, sunayen waɗanda suka sauke, hotuna, godiya, sai bangon baya mai ɗauke da addu'a. Da na ce masa sai mun ƙara biyu, sai ya ce, "To ba kwamfutar ce za ta cike da kanta ba?" Na ce, "Za ta cike, Allah gafarta Malam, amma a ƙarshe za ta zuba fararen shafukan. Addu'ar da kuke so a bayan littafi za ta shige ciki, bayan ya fito fari fat." Abin da muka yi shi ne muka saka farin shafi ɗaya bayan bangon gaba, ya zama shafi na 2, ɗaya kuma kafin bangon baya, ya zama na 15. A Word, kana ajiye alamar rubutu a inda kake so ka danna `Ctrl+Enter` don tsallakawa zuwa sabon shafi. Daga baya Malam ya ga asara ne a bar na 15 haka, ya sa aka yi masa layuka na rubuta bayani.

Gargaɗi: kada ka dogara da lambar da ke rubuce a ƙasan shafi. Sau da yawa bango ba shi da lamba, sai ka ga shafin ƙarshe an rubuta masa 12 alhali takardar shafi 14 ce. Adadin da Word ke nunawa a kusurwar hagu ta ƙasan allo shi ne na gaskiya.

Idan ƙirgenka ya faɗa 17, kada ka yi gaggawar cikewa zuwa 20. Ka matse rubutun, ka rage girman hoto guda, ka dawo 16. Wannan shafi ɗaya tilo zai jawo maka ƙarin falle a kowane kwafi, a aiki irin na Malam falle 150 ke nan da bugu 300.

2. Yi samfuri da hannu kafin ka taɓa firinta

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma ni a ganina ya fi duk sauran. Ka raba adadin shafuka da huɗu: 16 ya ba ka falle 4. Ɗauko tsofaffin takardu huɗu da suka lalace, ka ɗora su kan juna, ka ninka su tare sau ɗaya a tsakiya. Ka riƙe kamar littafi, ka bi da biro kana rubuta 1, 2, 3 har 16, manya-manya, kowace lamba da ɗan layi a ƙarƙashinta don ka san ina ne ƙasa. Sai ka warware fallayen ka shimfiɗa su. Ga abin da za ka gani, hagu sannan dama:

```
1:  16 | 1      2 | 15
2:  14 | 3      4 | 13
3:  12 | 5      6 | 11
4:  10 | 7      8 | 9
```

Kowane layi falle ɗaya ne. Biyun farko su ne fuskar waje, biyun ƙarshe fuskar ciki. Ka lura da abu biyu. Duk shafuka biyun da ke zaune gefe da gefe, idan ka haɗa lambarsu 17 za ta ba ka, wato adadin shafuka da ƙarin ɗaya. Da littafin mai shafi 12 ne, 13 za ka riƙa samu, da mai 24 ne, 25. Na biyu, lamba mai rabuwa biyu kullum tana hagu, mara rabuwa tana dama. Da waɗannan biyun kana iya duban kowane falle da ya fito daga firinta ka san ko daidai ne, ba sai ka haɗa littafin ba.

Samfurin zai kuma nuna maka cibiyar littafin, shafi na 8 da na 9. Nan ne kaɗai shafuka biyu masu bin juna suke kan fuska ɗaya ta takarda, kuma nan littafin ke buɗewa da kansa idan aka ajiye shi. Shi ya sa na ba Malam shawara mu kai tsarin taro can, don shi baƙi za su fi dubawa suna zaune a rumfa. Ka ajiye samfurin kusa da firinta har aikin ya ƙare.

3. Shirya rubutun a girman da zai fito

Yawancin masu kawo aiki a A4 suke rubutawa. Idan aka dunƙule shafin A4 ya shiga rabin falle, yana raguwa zuwa kashi 71 cikin ɗari. Rubutu mai girman 12 zai koma kamar 8 da rabi, dattawan da aka gayyata ba za su iya karantawa ba ko da tabarau. Gara tun farko ka mai da takardar A5. A Word ka shiga `Layout`, sai `Size`, ka zaɓi `A5`. Idan babu shi a jerin, ka shiga `More Paper Sizes` ka sa faɗi santimita 14.8, tsawo 21. Ka bar gefe kamar santimita ɗaya da rabi ta kowane ɓangare, rubutu kuma girman 11 ko 12.

Gargaɗi: da zarar ka sauya girman takarda, rubutu zai zube, adadin shafuka ya canja, teburan sunaye su fita waje. Ka bi shafi-shafi ka gyara, sannan ka koma mataki na 1 ka sake ƙirgawa. Idan lokaci ya ƙure, ba halin sake tsari, ka bar shi a A4 amma ka ɗaga rubutun zuwa 16, zai fito kusan 11 bayan raguwa.

Kada ka jera shafukan da kanka a cikin Word, wato ka kwaso shafi na 16 ka liƙa kusa da na 1. Na sha ganin masu yin haka da akwatunan rubutu. Yana yiwuwa, amma ranar da aka ce an manta sunan yaro ɗaya a shafi na 6, komai zai ture, sai an sake daga farko. Ka bar takardarka a jere yadda ake karatu, 1 zuwa 16, jerin bugu aikin mataki na gaba ne.

Idan ka gama, ka adana shi a matsayin PDF ta `Save As`. Wannan ya fi zama dole ga mai kai aiki wani shago. Kwamfutar can ba lallai tana da irin haruffanka ba, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma 'yan akwatuna, ko wasullan Larabci su goce, ko layi ɗaya ya tsallaka ya haifar da shafi na 17. Ka buɗe PDF ɗin ka tabbatar 16 ne.

4. Sa kwamfuta ta jera

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce Adobe Acrobat Reader, wanda kyauta ne. Ka buɗe PDF, ka danna `Ctrl+P`, a ƙarƙashin `Page Sizing & Handling` ka zaɓi `Booklet`. Abu uku za ka duba a cikin waɗanda za su bayyana. `Booklet subset` shi ne wace fuska za a buga, `Sheets from` shi ne daga falle na nawa zuwa na nawa, `Binding` kuma shi ne gefen da ninki zai kasance. Ga rubutun boko ka bar shi a `Left`. Hoton da ke gefe zai nuna maka falle na farko. Ka ɗaga samfurinka ka gwada: bangon baya a hagu, bangon gaba a dama.

Idan littafin na Larabci ne ko ajami, wanda ake buɗewa daga dama, ka mai da `Binding` zuwa `Right`. Haɗin 17 yana nan yadda yake, sai dai wurare sun musanya, shafi na 1 ya koma hagu. Samfurin hannun ma daga dama za ka fara rubuta masa lamba. Na Malam yana da ayoyi a ciki amma jikinsa Hausar boko ce, don haka muka bar shi a hagu.

Gargaɗi: ka shiga `Properties` na firinta ka tabbatar takardar da ta sani `A4` ce, ba `Letter` ba. Wancan girman na Amurka ne, ya fi A4 gajarta, kuma firintoci da yawa da shi suke zuwa. Alamar ita ce tsakiyar bugu ba ta faɗa kan layin ninki, shafi ɗaya ya matsu da fil, ɗayan ya yi nisa.

Mai son ya tsaya a Word kawai yana iya shiga `Layout`, `Margins`, `Custom Margins`, a wurin `Multiple pages` ya zaɓi `Book fold`, ya bar girman takarda a A4, `Sheets per booklet` kuma a `All`. A allo zai ci gaba da ganin shafuka a jere, sai wajen bugu Word zai haɗa su. Abin kiyayewa shi ne kada a jera sau biyu. Idan ka buɗe PDF ka ga tuni shafi na 16 yana manne da na 1, an riga an jera shi, ka buga shi kai tsaye gaba da baya. In ka ƙara danna `Booklet` a kansa, shafuka huɗu ƙanana za su fito a kowace fuska.

5. Buga kwafi ɗaya tak na gwaji

Idan firintarka tana juya takarda da kanta, ka bar `Booklet subset` a `Both sides`. Inda aka tambaye ka ta wane gefe za a juya, ka zaɓi gajeren gefe, a Word sunansa `Flip pages on short edge`. Idan bayan falle ya fito kansa a ƙasa, to ta dogon gefe aka juya, ka canja wannan kaɗai, kada ka taɓa komai.

Mafi yawan firintocin da ke shagunanmu fuska ɗaya suke bugawa, kai ne za ka juya. Kowace kuma da halinta, wata tana bugawa a saman takardar da ka sa mata, wata a ƙasa. Ka ɗauki falle ɗaya, ka zana kibiya da fensir a fuskar da ke sama, tana nuna bakin da zai fara shiga. Ka sa `Sheets from` 1 zuwa 1, ka zaɓi `Front side only`, ka buga. Duba inda bugu ya sauka dangane da kibiyar. Sai ka mayar da fallen ta yadda farar fuskar ce za ta karɓi bugu, ka zaɓi `Back side only`. Ka ninka. Idan shafi na 2 yana bayan na 1 kuma kansa a sama, ka dace. Idan ya fito a kife, ka sake da wani falle, wannan karon ɗaya bakin ya fara shiga. Da ka gano, ka rubuta a 'yar takarda ka liƙa a jikin firintar. Tawa shekaru ke nan tana ɗauke da irin wannan.

Ka kammala fallaye huɗun, ka ninka, ka ba mai aikin ya karanta daga bango zuwa bango. A nan ne Malam ya ga an rubuta sunan mahaifin wata ɗaliba ba daidai ba. Da sai bayan kwafi 150 ya gani, falle guda za a sake gaba ɗayansa.

6. Lissafin kaya da kuɗi

Farashin rim da tawada ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka yi lissafi da adadi, ka tambayi kuɗin ranar. Malam ya so bango na kwali mai launi, saboda haka falle na 1 kwali ne, sauran ukun takarda mai nauyin giram 80. Uku sau 150 ya ba da falle 450. Rim yana da 500, ke nan rim ɗaya ya isa, da rarar 50 na gwaji da waɗanda firinta za ta tauna. Kwali 150, na ce ya ƙaro goma. Fil biyu-biyu, 300.

Bugu kuwa da fuska ake ƙirga shi, ba da falle ba. Kowane kwafi fuska 8 ne, duka 1,200. Idan za ka kai aiki shago, ka tambaya a fili ko kuɗin da aka faɗa maka na fuska ɗaya ne ko na gaba da baya, kuma ko ninki da fil suna ciki. A nan ake yawan samun saɓani ranar karɓar aiki.

Kada ka sauka zuwa takarda mai giram 70 idan akwai hotuna masu duhu, suna haskowa ta baya su dame rubutu.

7. Babban bugu, falle-falle

Ga mai juyawa da hannu, kada ka ce wa firinta ta buga littafin duka sau 150. Jeri zai rikice wajen mayarwa, kuma idan ta ja takarda biyu a haɗe sau ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya goce. Ka ɗauki falle ɗaya-ɗaya: `Sheets from` 2 zuwa 2, `Front side only`, kwafi 150. Ka juya tarin, `Back side only`, kwafi 150. Tunda duk tarin abu ɗaya ne, ba ruwanka da wanne ke sama. Ko wuta ta ɗauke a tsakiya, ƙirga waɗanda suka fito kawai za ka yi ka ci gaba. Haka za ka yi wa na 3 da na 4, sannan kwalin bango ta bakin da ake sa takarda mai kauri. Mai amfani da injin fotokofi ma haka zai yi, ya fitar da fuska takwas masu kyau a firinta ya riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi: takardar da ta fito daga firinta mai garin tawada tana da zafi, tana lanƙwashewa. Ka bar ta ta huce, ka karkaɗa tarin iska ta shiga tsakani, ka daidaita bakinsa a kan tebur kafin ka mayar. Da hunturu takardu na mannewa juna saboda bushewar iska, da damina kuma suna shan laima su yi laushi, duka biyun suna sa firinta ta ja biyu. Ka riƙa zuba hamsin-hamsin. Kuma duk lokacin da ka juya tari, ka fara buga ɗaya ka haɗa lambobin ka ga 17 kafin ka saki sauran.

8. Haɗawa, ninki da fil

Ka jera tari huɗun a kan tebur. Bango a ƙasa, fuskarsa ta waje tana kallon tebur, sai falle na 2, na 3, na 4 a sama, ta yadda 8 da 9 ne ke kallonka. Idan ka ga wata lamba a sama, an kife wani falle.

Kwali yana tsagewa a bakin ninki idan aka lanƙwasa shi da ƙarfi, musamman in akwai launi a wurin. Ka ɗora rula a tsakiyarsa, ka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sannan ka ninka. Wajen ninka littafin, ka haɗa kusurwa da kusurwa tukuna, ka danne tsakiya da yatsa, ka goge zuwa sama da ƙasa da bayan cokali.

Sitefilar ofis ba ta kai tsakiyar A4, domin daga baki zuwa layin ninki kusan santimita 15 ne. Akwai mai dogon hannu da aka yi don wannan aiki, kuma duk mai yin irinsa a kai a kai ya kamata ya mallake ta. Kana saita ma'auninta sau ɗaya, ka tura littafin a shimfiɗe, bango yana sama. Idan babu, ka buɗe littafin da ka ninka, ka kifa shi a kan kwali mai kauri na katan, ka ware sitefilar ta miƙe, ka danna a kan layin ninki, fil ɗin yana kwance tare da layin. Ƙafafunsa za su nutse cikin katan. Ka ɗaga, ka juya, ka kwantar da su ciki da bakin rula. Fil biyu, kowanne kamar santimita biyar daga sama da ƙasa.

Gargaɗi: daga waje ake buga fil zuwa ciki. Idan aka yi akasin haka, ƙafafun suna fitowa a bayan littafi, su soki yatsa su kama mayafi.

Bayan an gama, ka tara su ashirin-ashirin, kana juya gefen ninki sau ɗaya dama sau ɗaya hagu don tarin ya zauna, ka ɗora musu rim biyu su kwana. Da safe za su rufu ruf.

9. Idan littafin ya yi kauri

Kowane falle yana zagaye wanda ke cikinsa, don haka na tsakiya suna turowa waje a bakin buɗewa. Takarda mai giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. A falle huɗu ba wanda zai lura, na Malam ba mu datse ba. A falle goma, wato shafi 40, turowar ta kai kamar milimita ɗaya ko fiye, ido yana gani, sai an kai wa masu injin yanka sun datse bakin, ko a bi da rular ƙarfe da sabuwar reza sannu a hankali. Idan za a datse, ka ƙara faɗin gefen waje tun a mataki na 3, kada lambar shafukan tsakiya ta tafi da yanka. Daga falle goma sha biyu zuwa sama littafin ya daina rufuwa, fil ma yana fara sakin na tsakiya. A nan sai a raba aikin gida-gida, kowane gida shafi 16 da nasa samfurin, a ɗinke su da zare, a haɗa su a bango ɗaya.